Littafin Mamba da Lejar Ƙungiya: Yadda Ake Gano Kuɗin da Ya Ɓace a Tsakani



Duk nairar da mamba ya kai ajiya a ƙungiyar gama kai, sau biyu ake rubuta ta a ƙalla. Akawu yana rubutawa a ɗan littafin da mamba zai sa a aljihu ya tafi da shi gida, sannan ya rubuta a leja, wato babban littafin da ke zaune a ofis, inda kowane mamba yake da shafinsa da lambarsa. A ƙa'ida abin da ke cikin wannan shi ne ke cikin wancan, kwabo bai rarrabe su ba. A aikace kuwa, ƙungiyoyi da yawa sukan shekara biyar ko goma ba wanda ya taɓa ajiye littattafan biyu gefe da gefe ya karanta. Sai ranar da wata mamba ta zo cirar kuɗin kayan ɗakin 'yarta, akawu ya buɗe shafi ya faɗi wani adadi, ita kuma ta buɗe nata ta faɗi wani, sannan hayaniya ta tashi.

Littattafan nan biyu ba matsayinsu ɗaya ba, kuma a kan wannan bambanci laccar yau ta tsaya. Leja da littafin shige da ficen kuɗi da kwafin rasidai duk suna hannun ofis. Mutum ɗaya mai riƙe da mabuɗin kabad yana iya zama da dare ya gyara su gaba ɗaya har su yi daidai da juna. Littafin mamba kaɗai ne ke kwana a inda hannun ofis ba ya kaiwa, a ƙasan akwati ko cikin jakar hannu. Shi ya sa masu binciken kuɗi ke ba shi daraja fiye da girmansa.

Lamarin ba sabo ba ne. Harkar gama kai ta zamani ta shigo Nijeriya ne bayan rahoton C. F. Strickland na 1934, aka yi dokar farko a 1935, Jihar Arewa ta yi tata a 1956, sai dokar tarayya mai lamba 90 ta 1993. Tsarin ya ɗora wa Daraktan Gama Kai alhakin ganin an binciki asusun ƙungiyoyi masu rajista da kuma raba gardama idan ta taso. A Amurka kuwa dokar ƙungiyoyin ajiya da rance ta tarayya, wadda asalinta na 1934 ne, ta ambaci aikin nan da sunansa: kwamitin sa ido sai ya sa an gwada littattafan mambobi da rubutun ma'aji, aƙalla sau ɗaya cikin kowace shekara biyu. Akwai kuma dalilin da ya sa mamba a Nijeriya ya fi kowa buƙatar wannan aiki. Hukumar NDIC tana ba da inshorar ajiya ga bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna, amma ajiyar da ke ƙungiyar gama kai ba ta cikin wannan rumfa. In kuɗin ya salwanta, babu hukumar da za ta biya.

Kafin a buɗe shafi ko ɗaya, akwai sharuɗɗan da in aka yi sakaci da su an ɓata aikin tun daga tushe. Wanda zai yi gwajin kada ya kasance shi ne mai karɓar kuɗi ko mai rubuta leja. Aikin kwamitin sa ido ne, ko odita daga waje. Littattafan kuma a karɓo su daga hannun masu su kai tsaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne shugaba ya yi sanarwa cewa kowa ya kai littafinsa wurin ma'aji kafin Juma'a domin masu bincike na zuwa Litinin. An ba mai laifi, in akwai shi, kwana uku ke nan ya daidaita rubutu. Hanyar da ta fi ita ce a zauna a ranar taron wata, ko a bi mambobi rumfunansu da gidajensu, a karɓi littafi a ba da 'yar takardar shaida, ko a ɗauki hoton shafukan da waya a mayar wa mai shi nan take. Ita ma leja a kulle ta ko a ɗauki hotonta a ranar da aka fara, domin kada wani sabon rubutu ya kutso a tsakiyar aiki.

Daga nan sai a nemi wurin farawa, wato ranar ƙarshe da littattafan biyu suka nuna balas ɗaya. Ba a farawa daga shafin ƙarshe a yi ta mamakin bambanci. Baya ake komawa har a sami inda suka haɗu, sannan a taho layi bayan layi. Mutum biyu suka fi dacewa: ɗaya yana karanta littafin mamba da ƙarfi, kwanan wata da lambar rasit da adadi, ɗayan yana sa alama a leja. In an kai ƙarshe sai a juya, mai leja ya karanta, mai ɗan littafi ya sa alama. Juyin nan na biyu shi ne wanda gajiya ke sa a tsallake, alhali shi ke tono abin da aka rubuta a leja mamba bai sani ba.

A ɗauki misali, ba na wata ƙungiya takamaimai ba, amma kowane ɓangarensa abu ne da masu bincike ke gani kullum. Wata mamba ce mai sayar da man gyaɗa, lambarta 112. Ranar 31 ga Disamba littafinta da leja duk sun nuna naira 120,000. Littafinta ya ce ta zuba 10,000 a Janairu, 10,000 a Fabrairu, 15,000 a Maris. A Afrilu ta kwashi adashi ta kawo 54,000. Ta zuba 10,000 a Mayu, ta ciri 20,000 na kuɗin makaranta a watan, ta ƙara 10,000 a Yuni. Balas ɗinta a littafi ya tsaya a 209,000. Da aka buɗe shafinta a leja, sai aka tarar da 166,500. Gibin naira 42,500 ke nan.

Wanda bai saba ba zai shiga neman inda aka rubuta 42,500, kuma ba zai samu ba ko ya kwana yana nema. Babu irin wannan adadi a ko'ina, domin abubuwa huɗu ne suka taru suka haife shi, uku suna ja ƙasa, ɗaya yana ja sama. Shi ya sa ba a bincike da balas kaɗai.

Na farko mai sauƙi ne. A leja akwai naira 6,500 da aka shigar mata a Maris, kasonta na rarar shekara da babban taro ya amince a raba. Ba ta kawo littafi aka rubuta mata ba tun lokacin. Wannan ba laifin kowa ba ne, littafinta ne ya makara. Haka abin yake ga kuɗin fom da tarar makara da duk wani abin da ofis ke shigarwa ba tare da mamba ya zo ba. Abin dubawa kawai shi ne ko akwai shi a rubutaccen bayanin taro, ko kuma lissafin kason ya yi daidai da na sauran mambobi masu irin ajiyarta.

Na biyu shi ne 10,000 ta Fabrairu, wadda take littafin mamba amma babu ita a shafinta na leja. A nan ake kiran shaida ta uku. Lambar rasit tana rubuce a littafinta, sai a ɗauko kundin rasidai a nemi kwafin. An same shi, sunanta da adadin daidai. An duba littafin shige da fice na ranar, kuɗin ya shiga. An duba takardar banki, jimlar ranar ta isa banki cif. Ashe kuɗin yana cikin ƙungiya, shafin da ya sauka ne ba a sani ba. Mai bincike da ya goge yakan fara da lambobin da suka yi kama da juna da sunayen da suka yi kama, kuma a ƙasar Hausa, inda ƙungiya ɗaya kan ƙunshi Aisha shida da Musa bakwai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. An buɗe shafi na 121, ga 10,000 nan sau biyu a Fabrairu, alhali mai shafin sau ɗaya ya zuba. Akawu ya karanta 112 ya rubuta a 121. Irin wannan kuskure yana da naci, domin jimlar ajiyar mambobi ba ta canzawa ko da kwabo. Asusun ƙarshen shekara zai fito tsaf, odita ya sa hannu, alhali an ɗauki haƙƙin wata an ɗora wa wani. Gwada littafi da leja ne ke fito da shi.

Na uku ya fi jan hankali. Littafin mamba ya ce 54,000 a Afrilu, leja ta ce 45,000. Bambancin 9,000 ne. Akwai wata tsohuwar dabarar akawu: duk sa'ad da aka juya lambobi biyu, 54 ta zama 45 ko 72 ta zama 27, bambancin yana rabuwa da tara ba saura. Haka nan idan sifili ya faɗi, 50,000 ta koma 5,000, bambancin 45,000 ne, shi ma tara tana raba shi. Dabarar tana da 'yar'uwa: idan aka rubuta zubi a gurbin cira, gibin yakan zama ninki biyu na kuɗin, saboda haka in an ga gibin 30,000 sai a nemi layin 15,000 da ya sauka a ɓangaren da ba nasa ba. Waɗannan dabaru suna nuna inda za a duba ne kawai, ba sa wanke kowa. Akawun da ya san su yana iya satar 9,000 daidai domin ta yi kama da tuntuɓen alƙalami.

Abin da zai raba gardama shi ne kwafin rasit. Idan rasit ɗin da ke hannun mamba da kwafinsa na kabon da littafin shige da fice duk sun ce 54,000, kuma banki ya karɓi kuɗin cikakke, to hannu ne ya zame wajen kwafa zuwa leja. Idan kuwa na hannun mamba ya ce 54,000, kwafin ofis ya ce 45,000, magana ta canza. Kabon ba ya yin kuskure shi kaɗai. Sai dai in an zare shi ko an sa kwali a tsakani lokacin rubuta na sama, daga baya aka cike na ƙasa da wani adadi. Ana iya gane haka da ido: a ɗora na sama a kan kwafin a ɗaga su ga haske, rubutun da aka yi lokaci ɗaya zai hau kan juna, wanda aka yi sau biyu ba zai hau ba. Wani lokaci ma kwafin da biro aka rubuta shi kai tsaye, babu dishi-dishin kabon ko kaɗan. A misalin nan dai takardun uku sun yarda da mamba, saboda haka kuskure ne. Sai dai ya tona wani asiri: da ƙungiyar tana tara balas ɗin dukkan mambobi kowane wata tana gwadawa da jimlar asusun ajiya, da an ga ratar 9,000 tun ƙarshen Afrilu.

Na huɗu shi ne wanda karatun juyi na biyu ya tono. A leja an rubuta cewa mamba ta ciri naira 30,000 a Yuni. Littafinta bai san da wannan ba, ita ma ta rantse ba ta sani ba. A cikin duk bambance-bambancen da ake samu, cirar da ke leja babu ita a littafin mamba ita ce mafi hatsari, domin a ƙa'ida ba a biyan kowa sai ya miƙa littafinsa an rubuta. Nan sai a nemi takardar neman cira. In babu ita, wanda ya fitar da kuɗin shi zai yi bayani. In akwai, a duba sa hannu a gwada da na katin rajista. Mai man gyaɗar nan dangwala yatsa take yi tun ranar da ta shiga ƙungiya, ga shi kuma takardar Yuni tana ɗauke da sa hannu da boko mai lanƙwasa. Gurbin amincewar shugaba babu kowa. Kuɗin kuma a hannu aka biya, ba ta banki ba, don haka babu sawu. A wannan gaɓa aikin mai gwada littafi ya ƙare, na kwamitin ladabtarwa da ofishin gama kai ya fara.

In aka haɗa lissafin, littafin mamba zai ƙaru da 6,500 ya koma 215,500. Leja kuma za a mayar mata da 10,000 da 9,000 da 30,000, ita ma ta tsaya a 215,500. Ba a rufe fayil sai ɓangarorin biyu sun haɗu a adadi ɗaya haka. Ko ragowar naira 200 ce aka kasa bayyanawa, ba abin rainawa ba ce, domin tana iya zama bambancin manyan kurakurai biyu da suka kusa cinye juna.

Saura layin Maris, wanda mai gaggawa zai sa masa alama ya wuce. Naira 15,000 ce a littafi, 15,000 a leja. Amma littafin mamba ya ce 4 ga wata, leja da littafin shige da fice sun ce 23. Ina kuɗin ya kwana goma sha tara? Jinkirin kwana ɗaya ko biyu, ko na ƙarshen mako, abu ne da aka saba. Idan kuwa aka duba littattafai ashirin aka ga kowanne yana makara da mako biyu ko uku, kuma tazarar tana ƙaruwa wata bayan wata, to alamar wata sananniyar dabara ce. Mai karɓar kuɗi ya ci zubin yau, in na jibi ya zo sai ya toshe ramin yau da shi, na mako mai zuwa ya toshe na jibi. Kowane mamba kuɗinsa yana isa leja daga ƙarshe, balas yana daidai, ba wanda ke ƙorafi, amma ramin yana nan yana faɗi. Masu yin haka da yawa ba da niyyar sata suka fara ba. Aro suka ɗauka don sarin kaya ko asibiti, da nufin mayarwa ranar albashi. Alamarsu a waje ita ce ba sa son hutu, ba sa yarda wani ya zauna musu a teburi ko na yini ɗaya, domin ranar da wani ya karɓi kuɗi ya kai banki a ranar, sarƙar ta tsinke. Saboda haka ne ake gwada kwanan wata da irin kulawar da ake gwada adadi.

Takarda ita ma tana magana, ga wanda ya saba kallonta. Farin ruwan goge rubutu a leja abin tambaya ne a ko'ina aka gan shi, haka wurin da aka kankare da reza har takardar ta yi laushi. Akwai lambar da aka matse a gaban wata, kamar 1 da aka cusa gaban 5,000 ta zama 15,000, tawadarta ta fi ta maƙwabtanta duhu. Akwai layin da aka saƙa tsakanin layuka biyu, da shafin da aka ɗinka daga baya, da rubutun wata shida da aka yi da biro ɗaya da hannu ɗaya ba gajiya, wanda ke nuna zama ɗaya aka yi aka kwafe shi. Sannan a sake tara balas da kai layi-layi, domin wani ba ya taɓa ko adadi ɗaya, a wurin tarawa yake rage dubu biyar, ya san ba mai bin bayansa da kalkuleta. Kundin rasidai kuma a bi lambobinsa a jere. Duk rasit ɗin da aka soke, asalinsa da kwafinsa su kasance a maƙale a kundin. Idan lambar rasit ɗin da ke littafin mamba ba ta cikin jerin kundayen da ƙungiya ta buga, akwai wani kundi na biyu da ke yawo a aljihun wani.

Adalci ya sa a faɗi cewa gyaran ba daga ofis kaɗai yake fitowa ba. Littafi yana kwana a gidan mamba, kuma mamba ko ɗansa yana iya ƙara sifili ko ya kwaikwayi sa hannun akawu. Littafin mamba shaida ne mai ƙarfi, amma rasit da banki su ke tabbatar da shi. Zato zunubi, in ji Hausawa, kuma akawu da yawa sun rasa mutunci a unguwa kan abin da daga baya ya zama lambar da aka juya. Mai bincike ya rubuta abin da ya gani, da lambar shafi da kwanan wata, ya bar kalmar sata sai an ji ta bakin kowa.

Wasu littattafai sun fi wasu buƙatar a neme su. Wanda zai taɓa ajiya yakan zaɓi mai ajiyar da ba zai zo da wuri ba: wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ɗan ci-rani, tsohon da ciwo ya kwantar, mamacin da magada ba su san yana da ajiya ba. Sai matan da ke cikin gida, waɗanda yaro ko mai bi gida-gida ke kai wa zubi, da waɗanda karatunsu na ajami ne, lambar boko ba ta zauna musu sosai ba. Sai kuma waɗanda suka bar littattafansu a ofis don yarda ko don gudun ɓata. Littafin da ya shekara a durowar ma'aji ya rasa darajarsa ta shaida, ya zama ɗaya daga takardun ofis. Idan ƙungiya mai mutum 400 ta gwada littattafan mutum 60 da suka zo taro, ta gwada na waɗanda suka fi kowa sa ido ne, waɗanda ɓarawo mai hankali ba zai kusanta ba. Ƙaramar ƙungiya ta gwada na kowa. Babba kuma, in dole sai ta zaɓa, kwamiti ne zai zaɓa daga rajistar mambobi, kuma duk wanda aka nema ba a samu ba a rubuta sunansa a ci gaba da nema.

Ƙungiyoyin ma'aikata, irin na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, nasu salon daban ne, tun da daga albashi ake yanke zubi. A can takardar albashi ce ke tsayawa a matsayin rasit, kuma akan tarar an yanke kuɗin amma ma'aikatar ba ta tura wa ƙungiya ba sai bayan watanni. Sai a gwada abu uku: takardar albashin mamba, jadawalin da ofishin albashi ya aiko, da abin da ya shiga banki. Masu biya ta waya ko ta POS kuma, a tabbatar asusun da alat ya nuna na ƙungiya ne, ba na akawu ba. Komawa kwamfuta bai kashe matsalar ba. Lejar da ke cikin Excel ana canza mata adadi ba kankara ba tabo, don haka ya kamata a buga ta kowane ƙarshen wata, mutum biyu su sa hannu, a ajiye kwafin wurin wanda ba shi ke shigar da lissafi ba.

Gyara ma yana da ƙa'ida. Ba a gogewa, ba a yage shafi. Sabon layi ake rubutawa da kwanan ranar gyara, a faɗi dalili, a ambaci layin da ake gyarawa, mutum biyu su sa hannu, mamba ma ya sa a littafinsa. Abin da ba a gano bakin zarensa ba a ajiye shi a asusun jiran bincike da wa'adi, a karanta shi a gaban taro, kada ya zama kwandon da ake zuba duk abin da aka gaji da nema.

Aikin nan yana da iyaka, kuma tarihi ya nuna ta. A garin Grays na ƙasar Ingila akwai wata ƙungiyar ajiya da rancen gina gida, mallakar mambobinta, mai suna Grays Building Society. Harold Jaggard ya yi shekaru da dama yana sakatarenta, daga baya ya haɗa da shugabanci. A watan Maris na 1978 asiri ya tonu cewa ya kwashe kusan shekara 40 yana ɗibar kuɗi. Abin da ya ɗauka ya kai kimanin fam miliyan 2, gibin kuwa da aka haɗa da ribar da kuɗin zai haifar ya kai kimanin fam miliyan 7. Yana toshe kuɗin da ya ɗiba da wanda ya shigo daga baya, yana kuma murɗa takardun da ake taƙaita jimloli a cikinsu. Ya kashe kansa da abin ya fito, ƙungiyar Woolwich ta haɗiye Grays, rahoton binciken da ya fito a 1979 kuma ya soki masu binciken kuɗin da suka yi shekaru suna sa hannu. Abin lura ga ƙungiyoyinmu shi ne mamba yana iya ganin littafinsa ya yi daidai da shafinsa, alhali kuɗin babu shi. Saboda haka bayan an gama da littattafai ɗaya-ɗaya, sai a tara balas ɗin shafuka duka, da hannun kwamiti ba da jimlar da ma'aji ya miƙo ba, a gwada da adadin ajiyar mambobi da ke asusun shekara. Daga nan a ƙirga kuɗin da ke akwati ba sanarwa, a karɓo takardar bayanin asusu daga banki kai tsaye, a kuma tambayi masu bashi ko sun san da bashin da aka rubuta a kansu.

Akwai masu ganin cewa neman a gwada littafi rashin kunya ne ga dattijon da aka ba amana, musamman in limamin unguwa ne ko tsohon hedimasta. Amsar tana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu tsakanin muminai, ba tsakanin abokan gaba ba. Ma'aji mai gaskiya shi ya fi kowa cin moriyar gwajin, domin yana sauka daga kujera da takardar da ta wanke shi.

Roƙon da za a yi wa shugabanni shi ne su sa wannan aiki cikin dokokin ƙungiya da ranarsa, aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin babban taro. Mambobi kuma, duk wanda littafinsa ke ofis ya je ya karɓo shi a makon nan. Ya riƙa duba abin da aka rubuta kafin ya bar gaban teburi, ya adana rasidansa, wanda ba ya karatun boko ya sa ɗansa ko maƙwabci ya karanta masa. A taro mai zuwa kuma kowa ya zo da littafinsa, ya nemi a buɗe masa shafinsa na leja ya gani da idonsa.